Daga Bakin Allura Zuwa Gilashi: Yadda Ake Gane Abin da Ke Cikin Ƙululu

Hannun likita, komai ƙwarewarsa, iyakacinsa fata. Zai taɓa ƙululun da ya fito wa mutum a wuya ko a mama ko a hammata, ya ji taurinsa, ya ji ko yana zamewa ƙarƙashin yatsa ko ya kafe wuri guda, sannan ya yi hasashe. Hoton sikanin zai ƙara masa haske, ya nuna girman abin da kuma ko ruwa ne a ciki ko tsoka. Amma tambayar da ke hana majinyaci barci, wato ko ciwon daji ne, ba ta samun amsa sai an ɗebo ƙwayoyin da suka taru suka yi ƙululun an sa su ƙarƙashin madubin likita. Hanya mafi sauƙi ta ɗebo su ita ce da siririyar allura, ba yanka, ba ɗinki, ba kwanciya asibiti. Ita ce ake rubutawa FNAC a takardar da likita kan ba majinyaci ya kai ɗakin gwaje-gwaje.

Wanda ya taɓa shiga kasuwar hatsi ta Dawanau ya san mai saye ba ya zazzage buhu. Ƙarfe mai rami yake cakawa, 'yan ƙwayoyi su gangaro tafinsa, da su yake yanke hukunci a kan buhun dukansa. Aikin allurar ke nan, kuma rauninta ke nan. Idan ta caki inda bai dace ba, ko abin da ta ɗebo ya lalace kafin ya isa gaban mai dubawa, hukuncin da za a yanke ba na ƙululun ba ne. Mutane sun ɗauka wahalar wannan gwaji tana wajen karanta gilashi. A ganina rabin aikin ya riga ya ƙare, da kyau ko da muni, cikin 'yan daƙiƙun da ke tsakanin fitowar allura daga jiki da faɗawar gilashi cikin alkohol.

Dabarar ta daɗe. A 1930 Hayes Martin da Edward Ellis na asibitin Memorial da ke New York suka wallafa aikinsu na gano ciwace-ciwace da allura, sai dai tasu mai kauri ce. Likitocin asibitin Karolinska da ke Stockholm, irin su Sixten Franzén da Josef Zajicek, su ne suka siranta allurar suka tsara aikin a shekarun 1950 da 1960, daga wajensu ya bazu duniya.

Bari mu bi misali guda daga farkonsa. Mace ce mai shekara arba'in da 'yan kai, ta zo da ƙululu a gefen dama na maƙogwaro, faɗinsa kamar santimita uku, yana hawa yana sauka in ta haɗiyi miyau. Wannan motsi shi ke nuna a jikin tayirod yake, wato tsokar da ke kumbura ta zama maƙoƙo. Yawancin irin wannan ƙululu ba daji ba ne, amma kaɗan daga ciki daji ne, kuma hannu ba ya bambance su.

Kafin a taɓa ta, sai an shimfiɗa komai a kan tire. Gilasai huɗu ko shida, kowanne an rubuta sunanta da lambarta a gefensa mai kaushi, kuma da fensir. Tawadar biro alkohol ke wanke ta, a wayi gari da gilashi marar suna, wanda ba shi da wani amfani sai kwandon shara. Kwalbar alkohol tana buɗe kusa da hannun dama. Sirinji mai cin mililita goma. Allura lamba 23 ko 25. A lissafin allurai, yawan lamba shi ne siranta: mai koren gindi da aka saba ɗiban jini da ita lamba 21 ce, mai shuɗin gindi 23, mai ruwan lemo 25, wadda kaurinta rabin milimita ne kawai. Sabon shiga yakan so mai kauri, a zatonsa za ta fi ɗebo abu da yawa. Za ta ɗebo kam, amma jini, kuma tayirod cike yake da hanyoyin jini.

Ana kwantar da ita rigingine da matashi a ƙarƙashin kafaɗu don wuya ya miƙe. A goge wurin da auduga mai sifirit, a bari ya bushe. "Hajiya, ki haɗiyi miyau yanzu, don in allura ta shiga kada ki haɗiya, kada ki yi magana. Idan kin ji abin ya yi yawa ki ɗaga hannu." Sau da yawa ba a yin allurar kashe zafi, domin zafinta ya kai na gwajin kansa.

Mai aikin ya danne ƙululun tsakanin yatsu biyu na hagu, ya soka allurar. Da ya ji bakinta ya shiga ciki sai ya ɗan ja hannun sirinji baya kaɗan, sannan ya riƙa kai allurar gaba yana dawo da ita baya da sauri, gajeren taki, na daƙiƙa biyar zuwa goma. Wannan kai-komon shi ne ainihin aikin. Bakin allura a fiƙe yake, shi ke yanko 'yan tsaki-tsakin nama. Zuƙar sirinji riƙe su kawai take yi a cikin rami. Shi ya sa ma akwai masu yi da allura zalla ba sirinji, su riƙe ta da yatsu, ƙwayoyin su hau ramin da kansu. Ana danganta wannan salo da Antoine Zajdela na Cibiyar Curie a Paris, kuma ya dace da wuri mai yawan jini irin tayirod.

Idon mai aikin yana kan gindin allura. Da zarar wani abu ya leƙo nan, ya tsaya. Abin da ake nema a cikin ramin allura yake, ba a cikin sirinji ba. Sannan ga ƙa'idar da ake yawan mantawa: a saki hannun sirinji ya koma mazauninsa tukuna, kafin a zaro allurar daga jiki. Wanda ya zaro yana kan zuƙa, iska za ta fizgi ɗan abin da ya samu ta watsa shi cikin bangon sirinji, inda zai daskare ya ƙi fita.

Shafawa a gilashi

Wani ya danne wa Hajiya wurin da auduga na 'yan mintoci. Shi kuwa mai aikin ba ya ko waiwaye, domin jini ya fara daskarewa tun yanzu. Ya cire allura daga sirinji, ya zuƙi iska, ya mayar da allurar, ya ɗora bakinta a kan gilashi kusa da gefen rubutu, ya turo ɗigo ɗaya. Dole bakin allurar ya taɓa gilashin. In aka feso daga nesa, ɗigon zai tarwatse ya zama ƙananan yayyafi, kowanne ya bushe kafin a kai ga shafa shi.

Sai ya ɗauki gilashi na biyu ya kwantar a kan ɗigon, ya bar nauyin gilashin kansa ya baje shi, sannan ya ja sau ɗaya, santsi, ba tsayawa. Kyakkyawar shafa takan fito da siffar harshe, mai ɗan kauri a farko, tana siranta har ta ƙare kafin ta kai bakin gilashi. In ka ɗaga ta wajen haske za ka ga 'yan ɗige-ɗige farare a tsakiya. Su ne tsakin naman da aka fita nema.

Hanyoyin ɓata ta biyu ne, kuma kishiyoyin juna ne. Idan ɗigon ya yi yawa ko ba a baje shi ba, ƙwayoyi su hau kan juna hawa-hawa, rini ya kasa ratsa su, hasken madubi ma ya kasa, mai dubawa ya ga duhun dunƙule kawai. Maganin wannan shi ne a raba babban ɗigo a gilasai biyu ko uku. Idan kuma aka danna da ƙarfi, ƙwayoyin su fashe, abin da ke cikin cibiyarsu ya ja zare-zare shuɗi a faɗin gilashin. Ƙwayoyin kaluluwa sun fi kowa saurin fashewa haka, har da na wasu nau'o'in daji masu laushi, wato waɗanda aka fi buƙatar gani lafiyayyu su ne suka fi saurin murƙushewa. Ba littafin da zai koya wa yatsa nauyin da ya dace. Sai an yi ta yi ana komawa madubi ana ganin ɓarnar hannun kai, shi ya sa a duk inda mai soka allura shi ne mai karanta gilashi, ko yana zama da mai karantawa, samfuri ya fi kyau.

Yanzu gilashi yana da hanya biyu a gabansa, kuma dole a zaɓa nan take.

Ta farko ita ce a tsoma shi cikin alkohol mai ƙarfin kashi 95 cikin ɗari tun yana jiƙe, cikin daƙiƙa biyu ko uku, a bar shi ciki aƙalla minti goma sha biyar. Alkohol yana kafe ƙwayar a siffarta ta rai, ya hana ta ruɓewa, ya manne ta da gilashi. Irin wannan gilashi ne ake yi wa rinin Papanicolaou, wanda George Papanicolaou ya fito da shi don gwajin bakin mahaifa. Ƙarfin wannan rini yana wajen bayyana cibiyar ƙwaya dalla-dalla: gefenta santsi ne ko a lanƙwashe, cikinta lallausa ne ko gudaji-gudaji, tana da tsaga ko babu. Dajin tayirod da aka fi samu da waɗannan alamomi na cibiya ake kama shi.

Ta biyu ita ce a busar da gilashin da gangan, da sauri, ana kaɗa shi a iska, sannan a yi masa rini irin na Giemsa, wanda masu duba zazzaɓin cizon sauro suka sani sarai. Busarwa tana baje ƙwaya ta ƙara mata faɗi, kuma wannan rini yana nuna jikin ƙwaya da abin da ke kewaye da ita, kamar majina da koloyid, wato ruwa mai danƙo da tayirod ke adana sinadarinsa a ciki. Mai hankali yakan raba: daga kowace suka, gilashi ɗaya ya shiga alkohol, ɗaya ya bushe.

Abin da ba a so shi ne tsaka-tsaki, gilashin da aka nufa da alkohol amma ya sha iska kafin ya shiga. A rinin Papanicolaou cibiyarsa za ta fito a kumbure, ta koɗe, zanen cikinta ya goge, jikin ƙwayar ya rine ja-ja. Lafiyayyar ƙwaya ta yi kama da abin tsoro don girman cibiyarta, mai daji kuma ta ɓoye alamunta. A nan ne yanayinmu ke shigowa. Shafa siririya ce ƙwarai, a lokacin hunturu a Kano ko Damagaram, ko a ɗakin da fanka ke kaɗawa bisa kai, gefenta na iya bushewa kafin mutum ya miƙa hannu ya buɗe murfin kwalba. Don haka ake buɗe kwalbar tun kafin suka, a kuma kashe fanka. Zafi ma yana cin alkohol ɗin kansa: kwalbar da ta wuni a buɗe ta rage ƙarfi, domin alkohol ya fi ruwa saurin tashi. A riƙa rufewa bayan an gama, a riƙa sabuntawa, kuma kada a haɗa gilasan mutum biyu a kwalba guda, domin ƙwayoyi kan saki gilashi su yi iyo su manne wa na kusa. Inda ake amfani da na fesawa, a riƙe gwangwanin kamar taƙi guda daga gilashi, don kusantowa da yawa tana ture ƙwayoyin.

Gilashin da ya bushe bisa kuskure ana iya ceto shi idan bai daɗe ba: a tsoma shi cikin ruwan gishirin asibiti na daƙiƙa talatin, sannan a sa shi a alkohol. Wannan yana ma fasa jajayen ƙwayoyin jini ya share fage. Sharaɗin dai a rubuta wa ɗakin gwaji gaskiyar abin da ya faru. Wani abin lura ga masu aiko da gilasai daga asibitocin karkara: kada busasshen gilashi ya kwana a leda ɗaya da robar fomalin. Tururin fomalin kaɗai ya isa ya hana rinin Giemsa kamawa yadda ya kamata.

Ya isa ko bai isa ba?

Mu koma ga Hajiya. A sukar farko abin da ya fito ruwa ne ruwan ƙasa-ƙasa, kusan mililita huɗu, ƙululun ya saɓe a ƙarƙashin yatsa. Ta ji daɗi, mai rakiyarta ma ya ji daɗi. Aka juya ruwan a na'ura mai wulwulawa, aka shafa abin da ya kwanta a gindi, aka rina. Abin da madubi ya nuna shi ne tsohon jini da ɗimbin makrofej, ƙwayoyin da ke share dattin jiki, cikinsu cike da burbushin jinin da suka ci. Ƙwayoyin tayirod na ainihi kuwa, gungu ɗaya tak, ƙwaya shida a ciki.

Mai dubawa bai ga daji ba. Shin zai rubuta babu daji? Ba zai rubuta ba, kuma yana da ma'auni. A 2007 masana suka taru a garin Bethesda na jihar Maryland a Amurka suka tsara yadda za a riƙa bayar da sakamakon wannan gwaji na tayirod, a rukuni shida, tsarin da aka sabunta a 2017 da 2023. Ƙa'idarsa ita ce, kafin a ce ƙululu lafiya lau yake, sai an ƙirga aƙalla gungu shida na ƙwayoyin tayirod da ake gani sarai, kowane gungu da aƙalla ƙwaya goma. Kalmar sarai tana da nauyi a nan. Gungun da jini ya lulluɓe, ko ya murƙushe, ko ya bushe, ba ya shiga lissafi. Sakamakon Hajiya ya faɗa rukuni na ɗaya: samfuri bai isa a yanke hukunci ba.

Wannan shi ne sakamakon da aka fi yi wa gurguwar fahimta. Majinyaci ya ji an ce ba a ga komai ba, ya yi hamdala ya koma gida, wani lokaci ma har da amincewar ma'aikacin da ya karanta masa takardar a gaggauce. Alhali ma'anarsa ba a kai ga ƙululun ba tukuna. A batun Hajiya akwai dalili na musamman: wani nau'in dajin tayirod yakan tara ruwa, ƙwayoyin dajin su maƙale a bango ko a wani ɗan tsiro da ke gefe, ruwan tsakiya kuwa ya fito ba kowa cikinsa sai makrofej. A gwajin mama irin wannan sakamako ne wasu ɗakunan gwaji ke rubutawa C1, kuma hukuncinsa ɗaya: a sake.

Ƙidayar shida da goma tana da togaciya, kuma togaciyar tana nuna hankalin da ke bayanta. Idan aka ga ƙwayoyi masu alamar daji, ko kaɗan ne, ba a cewa samfuri bai isa ba. A bayar da rahoton abin da aka gani. Idan gilashi ya cika da koloyid mai yawa, shi kansa shaida ne na maƙoƙo marar illa, ko da ƙwayoyin ba su kai adadi ba. Haka in aka ga kumburin tayirod irin wanda ƙwayoyin garkuwar jiki ke mamaye shi. Ƙidaya dai an sa ta ne don ta tsare kalmar "lafiya", kada a furta ta a kan hujja 'yar kaɗan. A kaluluwar wuya kuma ma'aunin daban ne. Farin abu mai kauri da ya fito daga kaluluwar mai tarin fuka yana iya zama ba ƙwaya ko ɗaya mai rai a cikinsa, amma ya wadatar, in dai an ware gilashi don rinin Ziehl-Neelsen, an kuma tura saura ga na'urar GeneXpert ba tare da an zuba masa alkohol ko fomalin ba. Isar samfuri tana bin tambayar da aka yi masa, shi ya sa takardar da ba a rubuta wurin ƙululu da girmansa da tarihinsa ba take ɗaure hannun mai dubawa.

Da Hajiya ta dawo, ruwan ya ɗan sake taruwa. A wannan karon aka yi aikin da na'urar sikanin a wuya, aka ga jakar ruwa da wani ɓangare mai tsoka kamar santimita ɗaya a bangonta na ciki. Aka goge man sikanin tas daga inda allura za ta shiga, domin in ya bi allura yakan fito a gilashi kamar dusa mai ruwan shunayya ya rufe ƙwayoyi. Aka tsotse ruwan, sannan aka nufi tsokar da sabuwar allura.

Bambanci na biyu shi ne an kawo madubin likita cikin ɗakin. Gilashin da aka busar ana iya rina shi cikin minti ɗaya ko biyu da rini mai sauri, kwalba uku a jere: ta kafewa, ta jan rini, ta shuɗi, a ɗauraye da ruwa a duba yana jiƙe. Ba hukunci ake nema a wannan duban ba, tambaya ɗaya ce: mun samu ko mu ƙara? Sukar farko ta ba da jini da gungu biyu. "Hajiya, ki yi haƙuri, za mu ƙara ɗaya." Aka sauya zuwa lamba 25 ba sirinji, daƙiƙa biyar kacal. Ɗigon da ya fito ɗan mitsitsi ne, mai sheƙi da danƙo. A madubi sai ga koloyid shimfiɗe, da gungu tara na ƙwayoyi a baje hawa ɗaya, cibiyoyinsu ƙanana, zagayayyu, girmansu ɗaya, kowacce da tazara tsakaninta da 'yar'uwarta. Aka sallame ta. Gilasan alkohol da aka rina daga baya suka tabbatar da haka, sakamako ya fito rukuni na biyu, marar illa, da shawarar a riƙa bibiyar ƙululun da sikanin. Ƙaramin ɗigon nan ya ba da amsar da mililita huɗu suka kasa bayarwa.

Akwai kuma inda samfuri zai isa, shafa ta yi kyau, rini ya kama, amma allura ta kai iyakarta. Da a ce gilashin Hajiya ya fito cunkushe da ƙwayoyi a 'yan ƙananan zobba-zobba, koloyid kuma kaɗan, da an sa shi a rukuni na huɗu. Irin wannan tsiro yana iya zama marar illa, yana iya zama daji, kuma ƙwayoyin duka biyun kamanninsu ɗaya. Abin da ke raba su shi ne ko tsiron ya huda fatar da ta lulluɓe shi ko ya kutsa hanyar jini, abin da ba a gani sai an ciro ɓangaren tayirod ɗin an yayyanka an duba. A mama ma allura siririya tana iya cewa ƙwayoyin na daji ne, amma ba ta iya tabbatar da ko suna nan tsare cikin bututun nono ko sun ɓalle cikin nama. Don haka ake auna sakamakonta da abin da hannu ya ji da abin da hoto ya nuna. Idan ƙululu mai tauri ne, a kafe, hotonsa da ƙafafu-ƙafafu, gilashi kuma ya ce lafiya, ba gilashin ake bi ba. Sai a koma da allura mai kauri, irin lamba 14, wadda ke yanko sillen nama ɗungurungum a sa a fomalin, ko kuma a ciro ƙululun gaba ɗaya a duba.